Kai da Kafaɗu, Ƙololuwa Biyu: Yadda Ake Auna su da Inda Suke Ƙarya

Matasan Birnin Kebbi da ke cinikin kuɗaɗen waje da na kirifto a waya sun san siffofi biyu a jadawalin farashi. Ta farko ita ce kai da kafaɗu: farashi ya hau ya sauko, ya sake hawa ya zarce na farko ya sauko, sannan ya hau karo na uku amma ya gaza kai na tsakiya. Ta biyu ƙololuwa biyu ce, inda farashi ke taɓa wuri ɗaya sau biyu yana dawowa. Edwards da Magee ne suka tsara ƙa'idojinsu a littafinsu na 1948 kan hannun jarin Amurka, kuma ana karanta su duka a matsayin alamar masu saye sun gaji.

Abin da aka fi mantawa shi ne siffar ba ta tabbata sai farashi ya karya layin wuya, wato layin da ya haɗa wuraren da ya sauko ya tsaya. Leƙawa ƙasa da layin na sa'a ɗaya ba karyawa ba ce. Sai an rufe rana ko mako a ƙarƙashinsa.

A ɗauki misali da buhun samfarera, alƙaluman na koyo ne kawai. Kafaɗar hagu naira 50,000, kai 60,000, kafaɗar dama 52,000, wuya 42,000. Daga kai zuwa wuya 18,000 ne. A cire wannan daga wurin da aka karya, sai a samu 24,000, inda ake sa ran farashi zai sauka ke nan. Idan layin wuyan a karkace yake, ana aunawa ne daga kai a miƙe zuwa layin, a cire daga daidai inda aka karya shi. Sau da yawa farashi kan dawo ya taɓa wuyan daga ƙasa kafin ya ci gaba da faɗuwa, kuma wannan bai rushe komai ba. Amma in ya rufe sama da 42,000 ya zauna, siffar ta raunana. In ya wuce 52,000, ta mutu, domin hujjarta duka ita ce masu saye sun kasa wuce kafaɗar dama. A ƙololuwa biyu, rufewa sama da ƙololuwar tare da zama a can ne ke kashe ta. Waɗanda suka sayar bisa siffar kan ruga su sake saye a lokacin, shi ya sa tashin da ke biyo bayan rushewarta yake da sauri.

Shi kansa awon yana da iyaka, kuma Bitcoin ya nuna haka. Ya kai kusan dala 65,000 a Afrilun 2021, ya sauko wajen 29,000 a Yuni, ya koma kusan 69,000 a Nuwamba. Wanda ya ce siffa ta rushe don ƙololuwa ta biyu ta ɗan zarce ta farko ya yi gaggawa, tun da farashin bai zauna a can ba. An karya wuyan sosai a Yunin 2022. To, a auna: tsawon siffar 40,000 ne, a cire daga 29,000, amsa ta faɗi ƙasa da sifiri, abin da ba zai yiwu ba. Idan siffa ta yi tsawo haka, da kaso ake aunawa. Wuyan kusan kashi 42 cikin ɗari ne na ƙololuwar, kuma kashi 42 na 29,000 wajen 12,000 ne. Farashin ya tsaya kusa da 15,500 a Nuwamban 2022. An canki alkibla, ba a kai wurin da aka auna ba.

Kai siffofin nan kasuwar shinkafar Argungu kuwa, a ganina, ya fi haɗari. A fadamar Rima ana girbi na damina da na rani, kowanne na sauke farashi, don haka tudu da kwari suna fitowa a jadawali kowace shekara ba don masu saye sun gaji ba. Sayen manyan masana'antu irin su WACOT a Argungu da Labana a Birnin Kebbi na iya ɗaga farashi ko ya bar shi ya kwanta. Rufe iyakoki a Agustan 2019 da ambaliyar 2020 sun motsa kasuwa ba tare da wata siffa ta yi gargaɗi ba. Ga kuma faɗuwar darajar naira: buhun 50,000 bara da na 50,000 bana ba ƙololuwa ɗaya ba ce. Sannan ƙa'idar asali tana so a ga ciniki ya ragu a kafaɗar dama, ya ƙaru lokacin karya wuya, alhali dillalin kasuwa ba ya da lissafin buhunan da suka fita a duk faɗin jiha. Mai ajiyar shinkafa da zai yi amfani da siffar sai ya gwada farashin wata da na irin watan a bara, kuma ya rubuta tun kafin ya sayar farashin da in aka wuce shi zai yarda karatunsa bai yi daidai ba.