Masu Daidaita Kundin Digiri

A shagunan buga takardu na bakin jami'a akwai mutanen da sunansu ba ya fitowa a shafin godiya, alhali da hannunsu kundi ke samun karɓuwa a makarantar gaba da digiri.

Ɗalibi zai kawo babi biyar, kowane kanu ya ƙara masa kauri da hannu, lambobin jadawali kuma ya buga su ɗaya bayan ɗaya. Malam ya sa a cusa sabon jadawali a babi na huɗu, sai 4.3 ta zama biyu. Mai gyara zai zauna ya ɗora wa kan babi Heading 1 mai lambar Multilevel List, ƙaramin kanu Heading 2, ya sake saka sunan kowane jadawali ta Insert Caption domin lambar ta riƙa bin babinta. Daga nan Ctrl+A da F9 kaɗai sun isa su sabunta jerin abubuwan da ke ciki.

Inda na fi sara musu shi ne lambar shafi. Shafukan farko na son i, ii, iii, Babi na Ɗaya kuma ya fara daga 1. Sai an raba da Section Break, an kashe Link to Previous, in ba haka ba gyaran gaba ya ɓata na baya.