Rawanin da Ba Ya Zuba: Yadda Labaranmu ke Cutar Shuni

A labaran sarauta da nake karantawa ta waya, da wuya a fito da basarake ba a ce ya sha "baƙin rawani mai ƙyalli" ba. Daga nan an gama. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarkin Daura ranar hawan Sallar Gani ya san wannan siffantawar ba ta kai ba, domin ɗan Kura ba baƙi ba ne kawai.

Mu fara da launi. Zane yakan fito daga karofi da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Tsomawa kaɗan tana ba da shuɗi mai haske, maimaitawa kuma tana kai shi ga duhun da ido ke ɗauka baƙi. Saboda haka duhun zane shaida ce ta yawan aikin da ya ci, da kuɗin da mai shi ya kashe. Marubucin da ya ce "baƙi" ya zubar da wannan labari duka.

Sheƙin kuwa ba daga marina yake ba, daga mabuga yake. Ana ƙara wa zanen garin shuni, a ɗora shi kan gungume, a yi ta bugu har zaren ya kwanta. Shi ya sa in rana ta faɗa kansa yake walƙiya da ja-ja kamar jan ƙarfe, a inuwa kuma ya koma duhu.

Wannan garin a saman zare yake zaune, don haka yake zuba a goshi da wuya da yatsu, ko ba ruwa. A nan marubutanmu suka fi kuskure: in ma sun ambaci zuba, sai su mai da ita alamar jabu, kamar ta atamfa mai arha. Ga Buzaye masu sayen turkuɗin Kura, shunin da ya kama fata ado ne.

Mu ɗauki labarin hakimin da arziki ya juya wa baya, ya fito hawa. Ba sai an ce ya talauce ba. A nuna rawaninsa: sheƙi ya mutu a kan lanƙwasa inda hannu ya saba kamawa, ya rage a cikin ninki kawai, duhun ya sassauta zuwa shuɗi, ya yi gumi tun hantsi amma goshinsa fes, domin babu sauran shunin da zai zuba. In an taɓa wanke shi ma, sheƙin ya tafi sai an mayar da shi wurin bugu.

Mai karatu a Daura zai gane halin da mutumin yake ciki tun kafin ya sauko daga doki.