Ba Kowane Giɓin Safe Ne Ke Cikewa Ba

Da ƙarfe 9:30 na safe agogon New York ake buɗe manyan kasuwannin hannun jari na Amurka, wato 2:30 ko 3:30 na rana a Najeriya, ya danganta da lokacin shekara. An tashi tun ƙarfe 4:00 na yammacin jiya, amma labari bai kwana ba. Kamfanoni sun fitar da rahoto, kasuwannin Asiya sun ci sun watse, na Turai sun yi nisa da ci, umarnin saye da na sayarwa sun taru a hannun dillalai. Da an buɗe sai a haɗa su gaba ɗaya a fitar da farashi guda. Idan wannan farashi ya yi nisa da wanda aka rufe da shi jiya, sai a ga fili a jikin zanen farashi, inda ba a yi ciniki ko ɗaya ba. Shi ne giɓi.

Akwai 'yan kasuwar da sana'arsu ke nan: su saɓa wa giɓin. In farashi ya buɗe a ƙasa su saya, in ya buɗe a sama su sayar, da fatan zai koma inda ya kwana. Hujjarsu tana da ƙarfi. Cinikin dare da na asuba mutane kaɗan ke yin sa, don haka umarni ɗan ƙarami ma yana iya tura farashi nesa. Ga kuma masu firgita da masu zumuɗi da ke jibge umarninsu a mintin farko. Da manyan masu kuɗi sun shigo, suka ga babu abin da ya canza a kamfanin, sai su saye arhar, farashi ya dawo.

Matsalar ita ce maganar da ake yawan yi wa sababbin shiga, wai kowane giɓi sai ya cike. Ba haka ba ne, kuma an daɗe da sani. Tun 1948 Robert Edwards da John Magee, a littafinsu kan nazarin zanen farashi, suka bambanta giɓin yau da kullum, mai saurin cikewa, da giɓin ɓallewa, wanda ke buɗe sabuwar tafiya.

A ɗauki misali na lissafi. Wani hannun jari ya rufe a dala 50. A 'yan makonnin nan, tazarar da ke tsakanin ƙololuwarsa da ƙasansa a yini takan kai dala 1.40, wannan ma'auni kusan shi ne ATR a manhajojin ciniki. Yau ya buɗe a 49.30, giɓin senti 70, rabin tafiyar da ya saba yi. An duba, kamfanin bai fitar da wata sanarwa ba, takwarorinsa suna nan inda suke, cinikin asuba kuma bai taka kara ya karya ba. Gogaggen ɗan kasuwa ba ya saye da jin ƙararrawa. Yana naɗe hannu minti 15, ya ga farashi yana kai-komo tsakanin 49.15 da 49.45. Sai ya haura saman wannan zango ne zai saya, a 49.50, nan take kuma ya ajiye umarnin tsayar da hasara a 49.10, ƙasa kaɗan da inda farashi ya tsaya da safe. Inda ya nufa dala 50.

Senti 40 ya sa a haɗari don neman senti 50. In jarinsa dala 20,000 ne, kuma ya yanke cewa ba zai rasa fiye da dala 100 a ciniki ɗaya ba, hannun jari 250 zai saya. In ta yi kyau ya samu dala 125, in ta ɓaci ya rasa 100. Da an cire ladan dillali da ɗan bambancin da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, sai ya ci kusan rabin cinikinsa kafin ya mayar da uwar kuɗi kawai. Riba ce siririya. Rana ɗaya da ya ƙi fita, yana cewa ai zai dawo, ta isa ta cinye ribar makonni.

Saboda haka gwanintar tana wajen gane giɓin da ba a taɓawa. Tambaya ta farko ita ce: me ya jawo shi? A yammacin 19 ga Afrilu 2022, Netflix ya sanar da cewa ya rasa masu biyan kuɗin kallo 200,000 a wata uku, abin da ya fi shekara goma bai faru ba. Hannun jarin ya rufe a wajen dala 348, a farashin wancan lokaci. Washegari ya buɗe a wajen 245. Wanda ya ga arha ya saya da safe, ya kwana da hasara, domin an rufe a wajen 226, kuma kafin watan Afrilu ya ƙare farashin ya gangara ƙasa da 200. Nan ba firgici ba ne, darajar kamfanin ce aka sake lissafawa. Manyan asusun jari ba sa iya sauke miliyoyin hannun jari a awa ɗaya, kwanaki suke yi suna sayarwa. Masana sun daɗe da lura da wannan ɗabi'a: Ball da Brown sun nuna a 1968, Bernard da Thomas suka ƙarfafa a 1989, cewa farashi kan ci gaba da bin alƙiblar rahoton riba mai ban mamaki har tsawon makonni.

Haka abin yake ta sama. A 25 ga Mayu 2023, bayan Nvidia ya yi hasashen cinikin dala biliyan 11 a wata uku masu zuwa, alhali manazarta na zaton biliyan 7 da ɗoriya, hannun jarinsa ya tashi daga wajen dala 305 ya buɗe a wajen 385, a farashin wancan lokaci. Har yau wannan giɓi bai cike ba.

Bayan dalili sai girma da wuri. Giɓin da ya fi tafiyar yini guda, ko wanda ya tsallake ƙololuwar da farashi ya yi watanni yana kasa ƙetarewa, yana kama mutane da yawa a gefen da ba daidai ba, kuma gudunsu na fita shi ke ƙara masa mai. In ciniki a rabin awar farko ya ninka na kullum sau da dama, manya ne a ciki. In kuma farashi ya keta zangon minti 15 ta ɓangaren da giɓin ya nufa, to kasuwa ta ba da amsa. Akwai ma giɓin da ba giɓi ba: ranar da aka cire haƙƙin rabon riba, farashi kan buɗe ƙasa da kimanin adadin ribar, babu abin da zai cike.

Ranar da kasuwa duka ta rikice, lissafin kamfani ɗaya ba ya aiki. A 24 ga Agusta 2015 ma'aunin Dow ya faɗi da maki sama da 1,000 a mintunan farko, ya dawo da mafi yawansu da tsakar rana, sannan ya sake zamewa ya rufe da faɗuwar maki 588. Mai saɓa wa giɓi ya ga ribarsa tana zubewa bayan awa biyu ko uku kawai. Shi ya sa da yawa ke sa wa kansu wa'adi: in giɓi bai kama hanyar cikewa cikin awa ɗaya ko biyu ba, su fita, ko da umarnin tsayar da hasara bai taɓu ba.

Saɓa wa giɓin sama yana bukatar aron hannun jari a sayar kafin a mallaka, abin da malaman fiƙihu da dama ba su halatta ba, kuma hasararsa ba ta da rufi. A kasuwar Legas kuwa, inda aka taƙaita motsin farashi zuwa kashi 10 cikin ɗari a yini, babban labari ba ya ƙarewa a giɓi ɗaya: farashi kan bugi iyakar yau, gobe ya sake bugawa, mai jiran ya dawo yana kallo babu mai saye daga hannunsa.