Kun ƙirga saja'i, to su wa ke zaune a masallacin?

Akwai wani salon sharhin huɗuba da ya yi mana katutu, kuma ya fara isata. Ɗalibin adabi zai ɗauko huɗuba, ya zana jadawali, ya shiga farauta: nan ga saja'i, nan ga ɗibaƙi, can ga isti'ara, ga tambayar da ba ta neman amsa. Ya tara su ya ƙirga, ya rufe da cewa mai huɗubar gwani ne a fasaha. Shi ke nan, wai an yi nazari. Su kuma 'yan uwanmu masu yanko wa'azi a waya sun ɗauki wannan cuta ta wata fuskar, su datse daƙiƙa arba'in daga karatun awa biyu su ce ga abin da malam ya faɗa. Dukkansu abu ɗaya suke tsallakewa, wato su wa aka yi wa maganar. Huɗuba ba a yin ta ga iska. Mutum ne ya hau mumbari yana kallon wasu fuskoki da ya sani, yana son su tashi daga wurin sun sauya wani abu.

Ku ɗauki huɗubar da kusan duk wanda ya zauna ajin adabin Larabci ya ci karo da ita, ta Ziyad ɗan Abihi a Basra, shekara ta 45 bayan Hijira, wato 665 Miladiyya. Ana ce mata Batra'u, mai yankakken wutsiya, don an ruwaito bai buɗe ta da hamdala ba. Masu jadawali suna ƙaunarta ƙwarai, saboda cike take da kalmomi masu kishiyantar juna, musamman wurin da yake cewa al'amarin ba zai gyaru ba sai da sassaucin da babu rauni a cikinsa da tsananin da babu zalunci. Za su ja layi a ƙarƙashin wannan su rubuta "ɗibaƙi". Madalla. Amma me ya sa mutumin da yake alƙawarin tsanani marar zalunci, nan take kuma ya rantse zai kama mai lafiya da laifin marar lafiya, mazauni da laifin matafiyi, uban gida da laifin baransa? Jadawali ba shi da gurbin wannan tambaya.

Amsar tana cikin sahun masallacin. Basra gari ne na barikin mayaƙa, an raba unguwanninsa ƙabila ƙabila, ga Tamim, ga Azd, ga Bakr bin Wa'il, ga Abdul Ƙais. Shekara tara kacal kafin nan aka yi Yaƙin Raƙumi a bakin garin. Gwamnan da ya daɗe a kai, Abdullahi bin Amir, an san shi da sanyin hali, kuma a hannunsa gari ya lalace da fashi da kwasar dare da gidajen banza. Idan matashi ya yi ɓarna, sai ya ruga cikin danginsa, manya su rufa masa. To duba yadda Ziyad ya fara. Bai ɓata lokaci a kan ɓarayin ba, don ɓarawo ba ya tuba da huɗubar gwamna. Ya nufi masu hankalin gari, ya tuhume su da cewa wawayensu ne ke aikatawa, su kuma suke lulluɓewa, kowa yana kare nasa, an fifita zumunta a kan addini. Da ka gane cewa dattawan ƙabilu ne ake wa magana, rantsuwar nan ta kama wani da laifin wani ta daina zama fushin banza. Dabara ce: muddin za a kama ka da laifin ɗan ƙanenka, kai da kanka za ka tsare shi kafin ya fita. Shi ya sa ma ya haɗa da cewa duk wanda ya yi kiran ƙabilanci irin na Jahiliyya zai yanke masa harshe. Garkuwar dangi yake son fasawa, kuma masu riƙe da garkuwar suna zaune a gabansa.

Yanzu ku bi wakilan suna, abin da ba ya buƙatar ko littafin balaga. Kashin farko duk "ku" ne: kun yi, kun bari, kun ƙirƙiro. Sai ya juya zuwa "ni", da rantsuwa a kai a kai, yana jero hukunci daidai da laifi, wanda ya nutsar da mutane a nutsar da shi, wanda ya ƙona a ƙona shi, wanda ya tone kabari a binne shi da rai a ciki, wanda aka kama yana yawon dare jininsa ya halatta. Har wa'adi ya ɗiba, gwargwadon lokacin da labari zai kai Kufa ya dawo. Wannan sanarwar dokar hana fitar dare ce aka yi daga kan mumbari, ba wa'azin tsoratarwa da wuta ba. Sai da ya gama razana su sannan ya koma "mu": mu ne masu mulkinku, da ikon da Allah Ya ba mu muke tafiyar da ku, da dukiyar da Ya mallaka mana muke kare ku, ku bi mu, mu yi muku adalci. A nan ne kaɗai ya fito da hujjar ikonsa, kuma bai kawo ta ba sai da ya tabbatar tsoro ya riga ta shiga.

Batun ikon nan shi ne wurin da rashin tambayar "wa ke magana, ga wa" ya fi yin ɓarna. Wane ne Ziyad a idon mutanen Basra ranar? Sun san shi tun yana matashi magatakarda a garin. Sun san ya yi wa Sayyidina Ali, Allah Ya ƙara masa yarda, gwamna a Farisa, ya daɗe bai miƙa wuya ga Mu'awiya, Allah Ya ƙara masa yarda, ba. Sun kuma san cewa bai fi shekara guda ba da aka danganta shi ga Abu Sufyan, alhali an daɗe ana ce masa ɗan Sumayya. Mutum irin wannan ba zai tsaya gaban shugabannin Tamim ya yi taƙama da asali ba. To da me zai riƙe su? Da cika magana. Shi ya sa ya ce ƙaryar da aka yi a kan mumbari ba ta ɓuya, kuma in suka kama shi da ƙarya ɗaya, saɓa masa ya halatta gare su. Ya jinginar da mulkinsa a kan kalmarsa. Ya ce tsohuwar gaba da ke tsakaninsa da wasu ya tattake ta, ba zai tone zuciyar kowa ba ko da mutum yana mutuwa da ƙinsa, sai in ya fito fili. Sannan ya yi alƙawura uku, kuma ku lura da irinsu: ba zai ɓuya wa mai buƙata ba ko da dare ya buga ƙofa, ba zai jinkirta albashi ya wuce lokacinsa ba, ba zai bar runduna ta daɗe a fagen fama ba a dawo da ita gida ba. Wa ya damu da waɗannan in ba sojan da ke ci daga baitulmali ba? Alƙawuran kaɗai sun isa su faɗa maka su wa ke zaune.

Na yarda, balaga ba wasa ba ce, in babu gajerun jimlolin nan masu sara da ba a haddace huɗubar ba har ta iso mana. To, an ba ku wannan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, littattafan da suka kawo huɗubar sun kawo har da martanin masu sauraro, amma mai jadawali yana kaiwa nan sai ya rufe littafi. Mutum uku suka yi magana. Abdullahi bin Ahtam ya miƙe ya yaba, ya ce an ba gwamna hikima da rarrabe zance, Ziyad ya ƙaryata shi a take, ya ce wannan siffar Annabi Dawuda ce. Ahnaf bin Ƙais, jagoran Tamim, ya nuna cewa yabo sai bayan an gwada, Ziyad ya ce ya yi gaskiya. Sai Abu Bilal Mirdas bin Udayya, wanda ke cikin Hawarijawa, ya yi ƙasa da murya ya tuna masa ayoyin Suratun Najmi da ke hana ɗora wa wani nauyin laifin wani. Ziyad ya ji, bai kuma musa ayar ba, ya dai nuna cewa abin da yake so game da Mirdas da abokansa ba a kai gare shi sai an kutsa ta cikin abin da ba daidai ba.

Ga nazarin huɗuba nan an yi maka shi kyauta tun ƙarni na farko. Maroƙi ya ji daɗin kalmomi, kuma shi ne kakan masu jadawali, har mai huɗubar ma bai karɓi yabonsa ba. Shugaban ƙabila ya ji yarjejeniya, ya amsa da harshen ciniki. Mai tsantseni ya ji wurin da ikon gwamna ya yi karo da nassi, ya sa yatsa daidai kan gurbin da huɗubar ta fi rauni. Huɗuba ɗaya, kunne uku. Wanda ya ce maka "ma'anar huɗubar ita ce kaza" ba tare da ya ce a kunnen wa ba, rabin aiki ya yi.

Sai kuma takatsantsan da matanin kansa, wanda shi ma ba a cika yi ba. Babu wanda ya naɗi muryar Ziyad. Abin da ke hannunmu ya zo ne ta hannun maruwaita irin su Mada'ini, Jahiz ya rubuta shi a Al-Bayan wat-Tabyin, shi kuwa ya rasu a 255 bayan Hijira, shekara ɗari biyu da goma ke nan bayan huɗubar. Ɗabari ma ya kawo ta a tarihinsa, har ya ambaci wata ruwaya da ta ce ai Ziyad ya yi hamdala. Ke nan ɗalibin da ya cika shafi uku yana fassara mana sirrin barin hamdala, wai alamar fushi ce, wai raina mutanen gari ne, ya gina ɗakinsa a kan abin da maruwaita ba su haɗu a kai ba. Ana iya dogara da tsarin huɗubar da manufofinta, don sun dace da yadda Ziyad ya yi mulki har ya rasu a 53 bayan Hijira. Amma rataya hukunci a kan harafi ɗaya, a maganar da ta yi ƙarni biyu tana yawo a baki, ganganci ne.

In wannan ne halin huɗubar da manyan marubuta suka adana, ina ga guntun bidiyon da wani ya datse jiya da dare? Malam ya ce "ku mutanen nan ba ku da amana", an yanke, an watsa, gari ya ɗauka. Ba a nuna mana ko a taron 'yan kasuwa yake ba, ko ɗalibansa yake wa tsiya, ko tambayar wani yake amsawa. Ba mu ji dariyar da aka yi ko shirun da ya biyo baya ba. Ba mu san ko limamin da sarki ya naɗa ne a masallacin Juma'a ba, ko baƙon mai wa'azi ne da zai hau mota bayan isha'i, alhali abin da ɗayansu zai iya faɗa ya kwana lafiya, ɗayan ba zai iya ba. Duk da haka kafin la'asar za ka tarar mutum ɗari sun yi sharhi, kowa da fatawarsa, kuma in ka tambayi a wane gari aka yi karatun, sai a ce maka kai dai ka cika kare malamai.