Saƙo Ɗaya, Kunne Uku: Yadda Ake Kai Maganar Sakin Gonaki a Damargu

Duk kaka, da an fara yankan gero a Damargu, sai maganar sakin gonaki ta taso, kuma tare da ita ƙorafin da wasu ma'aikata suka saba yi. Cewarsu, sanarwa ɗaya hukuma ke fitarwa, amma kafin ta kai ƙauyuka da rugage ta zama uku: abin da aka gaya wa tsofaffi daban, na samari daban, na yara daban. Wannan a wurinsu baki biyu ne, har da ƙari. Sun fi son a karanta takarda yadda take, kowa ya ji abu guda. Ni kam ban yarda ba. Wanda ya karanta wa dattijo da saurayi da ɗan shekara takwas takarda ɗaya, ba su ya yi wa magana ba, magatakardan da ya rubuta ta ya faranta wa rai.

Damargu ba yau ta fara zama mahaɗa ba. Ita ce rumbun Azbin tun zamanin ayari, lokacin da Buzaye ke sauke gishirin Bilma su ɗauki gero, Jajiduna kuwa na cikin manyan zangunansu. Baturen nan Barth ya ratsa ƙasar a farkon 1851 ya iske ta haka. Dagira da Hausawa na noma, Buzaye da Fulani na kiwo, rijiya ɗaya ake sha. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, wadda ta bi ta wannan yanki, dokar kiwo ta 2010 ta sake tabbatar da ita. A ƙarƙashin wannan doka ne hukuma ke tsayar da ranar sakin gonaki kowace shekara, bayan ta ji ta bakin kwamitocin filaye da ƙungiyoyin manoma da na makiyaya. Tun da Belbeji ta rabu da Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, ofisoshi sun ƙaru. Amma har yau wanda ke kai maganar ƙofar gida shi ne ɗan aiken sarki, ko wakilin maigari, ko ɗan ardo a kan babur.

Abin da ke cikin saƙon bai wuce abu uku ba. Akwai rana. Kafin ranar, dabbar da ta shiga gona ta yi ɓarna, mai ita zai biya. Bayan ranar, manomin da ya bar dammansa a fili ba shi da bakin neman diyya. Mu ɗauka, don misali, an tsayar da 15 ga Disamba, kuma an aiki mutum guda wani ƙauye a ƙasar Gangara da rugar da ke gefensa.

Zai fara da zauren maigari, inda liman da ardo da tsofaffin gari ke zaune. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, a yi gaisuwa har ta ƙare don kanta: gajiya, iyali, kaka, dabbobi. Sa'an nan ya ce wani abu kamar haka: "Allah ya ja zamaninka, Allah ya gafarta malam. Aiko ni aka yi, ba don an ga ba ku sani ba. Ku kuka riƙe garin nan tun ba a haife mu ba. An dai ce a tuna muku an tsayar da sha biyar ga Disamba, kasuwa uku ke nan nan gaba. Ana roƙon arziki, in da hali, a ja kunnen yara, masu gona su kintsa, masu dabba su ƙara haƙuri. Abin da kuka gani shi za a yi."

Masu ƙorafi za su ce duk wannan zaƙin baki ne, lulluɓi ne da aka yi wa magana. A sake sauraro da kyau. A cikin jawabin nan babu inda ɗan aike ya ce "ku yi" ko "kada ku yi". Ko'ina "an ce", "an tsayar", "ana roƙo", "a ja kunne". Ya cire kansa daga maganar, ya cire mai aikowa, ya kuma cire dattijon daga sahun waɗanda ake ba umarni. To wa ya rage da za a ja wa kunne? Yara. Su waye yaran? Har da magidanci mai shekara arba'in da mata biyu. Da wannan ɗan juyi, tsoho ya tashi daga wanda aka kawo wa doka ya koma wanda zai zartar da ita. In aka yi ɓarna gobe, ba dokar gwamnati aka taka ba, maganar maigari aka zubar. Kuma ba wasa ba ne, domin rikicin gona da dabba gaban sarakunan gargajiya ake fara kai shi a nemi sulhu kafin a tafi wurin alƙali. Mutumin da zai zauna ya raba gardamar, ka ga kuwa gara tun farko maganar ta zama tasa.

A lura kuma da abin da bai ambata ba: biyan ɓarna. Ba mantuwa ya yi ba. Ka gaya wa ardo a gaban jama'a cewa zai biya, ka riga ka kira shi maɓarnaci tun saniyarsa ba ta ɗaga ƙafa ba. Sai ya tsaya. Shirun nan da ke biyo bayan "abin da kuka gani shi za a yi" aiki yake yi, don a cikinsa ne wani tsoho zai gyara murya ya ce, "Ai wanda dabbarsa ta ci, ya san sauran." Da bakinsu suka faɗa. Gwanin ɗan aike yana jiran wannan jimla, in ba ta zo ba ya san saƙonsa bai cika ba, sai ya yi tambaya kamar mai neman sani: "To Baba, in aka samu wanda ya ƙetare fa, yaya aka saba yi?" Abu ɗaya ne ba ya yarda ya lulluɓe, wato ranar. Ya faɗe ta da lissafin takarda, ya sake faɗinta da lissafin kasuwa, don yawancin mutanen zauren ba da kwanan watan nasara suke ƙidaya ba.

Daga nan ya wuce fada, inda tsararrakinsa ke dafa shayi. Nan kam babu dogon zance. "Kai, ku ji. Sha biyar ga Disamba ne, saura kasuwa uku. Wanda shanunsa suka shiga gona kafin nan, aljihunsa zai ji, ba ruwan kowa. Kai kuma mai dammai a fili, rana ta wuce ba ka kwashe ba, kada ka zo kana mana kuka." Abin da aka ɓoye a zaure shi aka sa gaba a nan. In akwai Bafillace da Badagire a wurin, wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari zai ɗauke sauran ɗacin: wannan ya ce ai shanun ubangidanku ne, ku bar su su ci, wancan ya rama, a yi dariya, gargaɗi kuwa ya riga ya shiga. Ana yawan yaba wannan salo, musamman tun da aka sa wasan dangi na Nijar cikin kundin al'adun duniya a 2014. Ni a ganina shi ne mafi sauƙi cikin ukun, kowa ya iya yi wa abokinsa tsiya. Haɗarinsa kawai yanzu shi ne waya. Saƙon murya da aka yi don ƴan fada sai wani ya tura shi, ya je ya faɗo a kunnen ardo, ya ji yaro sa'ar ɗansa na cewa "aljihunsa zai ji". An yi ɓarna ke nan tun dabba ba ta shiga gona ba.

Saura yara, kuma a nan ne nake ganin ake gane gwani. A tambayi kowa a Tanut ko Tarka, wa ke riƙe da sanda a bakin gona? Ba maigari ba ne, ba ma sau da yawa saurayin fada ba. Yaro ne ko yarinya da aka tura da awaki, ga harawa kore shar a gefen burtali, ga abokan wasa na kira. Shi ne zai cika dokar ko ya karya ta, amma shi ake mantawa da shi, ko a sallame shi da tsawa.

Wanda ya iya, tsugunnawa yake yi su daidaita, ya kira yaron da sunansa. "Ka ga gonar can mai dammai? Akuya ba ta shiga can. Ta burtali za ka bi, ka riƙa tafiya ta gefen gonar, su suna ta ɗaya gefen. Ranar da za a shiga, babanka zai gaya maka. In wata ta kufce ta shiga, ka koro ta, ka zo ka faɗa. Ba wanda zai buge ka."

Nan ga alama masu ƙorafi sun samu abin kamawa: ina ranar? Ba an ce ita ba a taɓa ta ba? Tana nan. "Sha biyar ga Disamba" ba ta da wata ma'ana ga yaron da ke wuni a daji, don haka aka ajiye ta a bakin ubansa, aka ba shi abin da zai iya riƙewa: kada ka shiga sai an ce. An kuma mayar da "gonaki" gona guda da yake gani da idonsa, aka nuna masa inda zai sa ƙafa. Maganar biya ma tana nan, sai dai ta juye ta zama alkawarin ba za a buge shi ba. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce mafi tsada a duk saƙon. Yaron da aka tsorata da duka, ko da jandarma, in akuya ta yi ɓarna shiru zai yi. Da safe mai gona ya ga zangarniya a tattake, ya bi sawu har ruga da zuciya a wuya, ya iske uban da bai san komai ba yana rantsuwa dabbarsa ba ta shiga ba. Ɓarnar da tiya biyu ta gero da ban haƙuri za su kashe tun da yamma, sai ta zama an ƙaryata mutum a gaban iyalinsa. Da yawa daga rikicin da ake ɗora wa "manoma da makiyaya" daga irin wannan shirun yake farawa.

Saboda haka in ana son a auna ɗan aike, kada a tsaya ga daɗin bakinsa a zaure. Wani ya iya kirari da durƙuso har tsofaffi su sa masa albarka, ya fita ba wanda ya riƙe ranar. Wani ya cika fada da dariya a ɗauka duk raha ce. Awon da na fi yarda da shi mai sauƙi ne. Bayan kwana biyu a tare mutum uku. A tambayi tsoho yaushe ne, a tambayi saurayi wa zai biya, a tambayi yaro me zai yi in akuya ta shiga. In tsoho ya ce "saura kasuwa uku", saurayi ya ce "mai dabba kafin ranar, bayan nan kuwa mai gona ya ja wa kansa", amma yaro ya sunkuyar da kai ya ce "guduwa zan yi", to a sake tura ɗan aiken, wannan karon bakin burtali.