Jinjina ga masu sa tayil

Ina jinjina wa mai sa tayil da ke auna ɗaki kafin ya yanke farashi, musamman ɗakin da ke da lungu. Sai ya raba shi gida biyu: babban ɓangare mita 5 da 4, lungun kuma mita 2 da 1.5, jimilla murabba'in mita 23. Tayil mai santimita 40 kowane gefe yana rufe murabba'in mita 0.16, wato ana bukatar 144.

Gwanintarsa tana fitowa ne in maigida ya ce a karkace yake so a jera. Duk tayil ɗin da ya taɓa bango sai an yanka shi, kuma in bangon bai miƙe ba, kamar yadda aka saba gani, guntun da ya rage ba ya shiga ɗaya gefen. Shi ya sa yake ƙara kashi 15 cikin ɗari maimakon 10, ya ce 166, kwali 14 ke nan in kowanne na ɗauke da 12.

Yana kuma dagewa a saye su lokaci guda, domin na ciko daga baya sau da yawa launinsu yakan ɗan bambanta.