Yadda ake amsa ƙarar kati da shaidar kai kaya

Ɗinkin unguwar Briqueterie ta Yaounde ya daɗe da wuce iyakar Kamaru. Babbar rigar da aka yi wa aiki a nan tana iya kwana a Brussels ko Lyon cikin mako guda, kuma wasu masu sayen da katin banki suke biya, na Visa ko Mastercard. Sai dai kati yana da wata ƙa'ida da yawancin 'yan kasuwa ba sa sanin ta sai ranar da ta same su: mai kati yana iya zuwa bankinsa ya ce bai ga kaya ba, bankin ya janye kuɗin daga hannun mai sayarwa tun kafin a ji ta bakinsa. Wannan shi ne cajbak, wato dawo da kuɗi ta hanyar ƙara. A tsarin Visa mai kati yana da kwana 120 na shigar da irin wannan ƙara, don haka wasiƙar takan zo lokacin da tela ya riga ya manta da cinikin.

Mu ƙaddara wani Alhaji mai shagon ɗinki ya aika riguna uku zuwa Brussels a kan Yuro 450. Da yake Yuro ɗaya sefa 655.957 ne a kullum, kuɗin sun kai kimanin sefa 295,000. Bayan wata biyu sai saƙo ya zo cewa an riƙe kuɗin. Amsar farko da mutum kan rubuta a irin wannan hali, zuciya ce ke rubuta ta: shekara ashirin yana sana'a, kowa ya san shi a unguwa, bai taɓa cin haƙƙin wani ba, mai sayen nan maci amana ne, Allah ya isa. Duk wannan yana iya zama gaskiya. Amma wanda zai karanta ma'aikaci ne a bankin mai kati, bai san Briqueterie ba, gabansa tarin ƙararraki ne, kuma tambaya ɗaya kawai aka ba shi ya amsa.

A nan ne gwanin wannan aiki yake burge ni. Akwai akawun da idan aka miƙa masa irin wannan takarda ba ya fara karanta labarin. Lambar dalili yake nema, wato lambar da ke nuna abin da ake tuhuma. Idan ya ga `13.1` tare da `Merchandise/Services Not Received`, ya san tuhumar ita ce kaya ba su iso ba. Da `13.3` ce, da an ce kayan sun iso amma ba su ne aka yi alkawari ba, da `10.4` ce kuma, mai kati ne ke cewa ba shi ya yi sayayyar ba. Kowace da irin shaidarta. Mai gaggawa yakan aika hotunan kyawun aikin wuyan riga a ƙarar da ba ta tambayi kyawu ba, ya faɗi alhali yana da gaskiya. Daga lamba sai wa'adi. Visa tana ba da kwana 30 a amsa, Mastercard 45, amma kamfanin da ke karɓar wa ɗan kasuwa kuɗin kati yakan rage kwanakin don shi ma ya samu lokacin turawa. Ranar da ke kan sanarwar ita ce abin bi, kuma wanda ya wuce ta ya rasa kuɗinsa ko da shaidarsa ta cika buhu.

Sannan akawun ya ce, “Alhaji, a kawo mini takardu, labarin ya jira.” Takardu huɗu yake so: rasiɗin ciniki mai suna da adireshin da mai saye ya bayar, takardar aika kaya mai lambar bin sawu, takardar shaidar kai kaya daga kamfanin jigila, da hirar da aka yi da mai saye. Zai shimfiɗa rasiɗi kusa da shaidar kai kaya, ya bi da yatsa, titi da titi, lambar gida da lambar gida, lambar unguwa da lambar unguwa. Ƙarar duka a kan wannan gwaji take. Rubutun da ke cewa an kai kaya Brussels bai isa ba, domin Brussels gari ne. Abin da ake so shi ne cikakken adireshi, da rana, da sa'a, da sunan wanda ya sa hannu. Zai kuma duba nauyin ƙunshin. Idan takardar ta nuna kilo 3.2, wannan ya dace da riguna uku na shadda, ya kuma toshe bakin mai cewa ambulan aka aiko masa.

Sai rubutu, kuma shafi ɗaya ne. Layin farko yana ɗauke da lambar ƙara, lambar dalili, adadin kuɗi da ranar ciniki. Na biyu yana faɗin matsaya kai tsaye. Sauran kuwa jerin abin da ya faru ne bisa kwanan wata, kowace jimla da takardar da ke tsaya mata. Da Faransanci ko Turanci ake aikawa, amma ma'anarsa ke nan: An kai kayan adireshin da mai kati ya bayar. Ranar 3 ga Maris ya sayi riguna uku a kan Yuro 450, shaida ta 1. Ranar 10 ga Maris an miƙa ƙunshi mai kilo 3.2 ga kamfanin jigila a Yaounde, shaida ta 2. Ranar 14 ga Maris da ƙarfe 11:20 an kai shi adireshin da ke kan rasiɗi, an sa hannu, shaida ta 3. Ranar 15 ga Maris mai kati ya rubuto cewa rigunan sun yi masa daidai, shaida ta 4. Muna neman a dawo da kuɗin.

A lura, babu kalmar ɓarawo a ciki, babu rantsuwa. Duk jimlar da ba ta da takarda a bayanta, ya soke ta.

Shaida ta huɗu ita ce mai wuyar sarrafawa. Hirar WhatsApp ce, da Hausa aka yi ta, mai karatu kuma ba ya jin Hausa. Gwanin zai ɗauki hoton allo yadda lambar waya da kwanan wata za su fito, ya nuna cewa lambar ita ce ta kan rasiɗi, ya sa fassara a ƙasa ba tare da ya taɓa asalin ba. Ba zai loda hirar wata uku ba, saƙo biyu da suka shafi isowar kaya sun wadatar. Daga nan ya haɗa komai a fayil ɗaya na PDF, ya sa lamba a kowane shafi, ya buga shi baƙi da fari don ya tabbatar sa hannun yana karantuwa. Zai kuma gargaɗi Alhaji kada ya tura wa mai saye kuɗi ta bayan fage yayin da ƙara take tafiya, domin yana iya biya sau biyu.

Akwai inda gwanintar ba ta kai. Idan mai saye ya kira ya ce a kai kayan gidan ƙaninsa, aka yi hakan ba tare da rubutu ba, adireshi biyun ba za su haɗu ba, ƙarar ta yi rauni. Idan saƙon hannu aka yi, aka ba matafiyin da zai tashi daga filin jirgin sama na Nsimalen, kamar yadda muka saba, to babu lambar bin sawu, babu sa hannu, babu abin da za a nuna wa banki. Ko an yi nasara ma bankin mai kati yana iya ja, magana ta kai ga hukuncin kamfanin katin, inda wanda ya faɗi yake biyan kuɗin shari'a da kan kai ɗaruruwan dala. A cinikin Yuro 450 sai an yi lissafi kafin a je can.

Saboda haka, mai shago, duk kayan da aka biya da kati ka aika su ta hanyar da ake sa hannu, zuwa adireshin da ke kan rasiɗi kaɗai. Ranar da suka isa ka sauke takardar shaidar ka adana, domin shafin bin sawu ba ya dawwama, ƙara kuwa tana iya zuwa bayan wata huɗu.